Yadda ake mayar da jawabin taro zuwa zare a dandalin X: magana ɗaya a kowane saƙo

Wannan shafi an tanade shi domin ma'aikatan ƙungiyoyi, malaman gona, ƴan jarida da ɗalibai waɗanda ke halartar tarurrukan ƙara wa juna sani, kuma suke son isar da abin da aka faɗa ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Ya bayyana yadda ake ɗaukar jawabi guda a rarraba shi cikin jerin gajerun saƙonni a dandalin X, tare da misali ɗaya da aka bi daga farko har ƙarshe.

Ma'anar zare da iyakokinsa

Dandalin X shi ne wanda aka kafa a shekarar 2006 da sunan Twitter, aka sake masa suna a watan Yulin 2023. Zare kuwa jerin saƙonni ne na mutum ɗaya, kowane saƙo a ɗaure da wanda ya gabace shi, ta yadda mai karatu zai bi su daga sama zuwa ƙasa. A da saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 140. A watan Nuwamban 2017 aka ƙara iyakar zuwa 280, sannan a watan Disamba na wannan shekara aka sa alamar `+` wadda ke bai wa mutum damar rubuta saƙonni da yawa ya aika su gaba ɗaya.

Cikin haruffa 280 ɗin nan ana ƙirga har da gurbin da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowanne harafi ɗaya ake ƙirga shi, saboda haka babu dalilin barin su domin tsimin wuri. Ƙananan hotunan fuska da makamantansu kowanne yana cin wurin haruffa 2. Adireshin wani shafi na intanet, ko gajere ne ko dogo, wurin haruffa 23 yake ci. Hoto ba ya rage komai daga haruffan, kuma saƙo ɗaya yana ɗaukar hotuna har 4. Masu biyan kuɗin wata suna iya rubuta dogon saƙo, amma farkonsa kawai ke bayyana sai an taɓa shi, don haka ƙa'idodin da ke ƙasa sun shafe su su ma.

Idan aka yi lissafi za a ga girman aikin. A ce mai jawabi ya yi minti 20 yana faɗin kalmomi wajen 120 a kowane minti: jimilla kalmomi 2,400 ke nan. Saƙon da aka cika taf yana ɗaukar kalmomin Hausa 45 zuwa 50. Zare mai saƙo 10 ba zai wuce kalmomi 500 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na jawabin. Ashe mafi yawan aikin shi ne zaɓen abin da za a bari a baya.

Dalilin magana ɗaya a kowane saƙo

A ɗakin taro mai sauraro yana zaune tun daga farko, ya ji gabatarwa, ya ji sharuɗɗan da mai jawabi ya gindaya kafin ya faɗi wani adadi. A dandalin X ba haka abin yake ba. Kowane saƙo na cikin zare yana da adireshinsa, ana iya yaɗa shi shi kaɗai, ana iya ɗaukar hotonsa a tura shi cikin wata ƙungiya ta wayar salula. Mutumin da ya ci karo da saƙo na shida sau da yawa bai ga na ɗaya ba, kuma ba zai koma ya nema ba. Tun shekarar 2023 ma dandalin ya taƙaita abin da wanda bai shiga da shafinsa ba yake iya gani, ta yadda wanda aka tura wa adireshin saƙo zai iya ganin wannan saƙon kaɗai.

Daga nan ƙa'idar ta fito. Wajibi ne kowane saƙo ya iya tsayawa da ƙafarsa, kuma saƙo ba ya tsayawa da ƙafarsa sai in magana ɗaya ya ɗauko tare da duk abin da ke sa ta zama gaskiya: wurin da ta shafa, shekarar, da sharaɗin da ke kanta. Idan aka cusa magana uku a saƙo ɗaya, wurin da ya kamata sharaɗi ya zauna shi ake cinyewa.

Abin da ake nufi da magana ɗaya shi ne abin da mutum zai iya cewa "haka ne" ko "ba haka ba ne" a kansa sau ɗaya. "Tarihin aikin" suna ne na babi, ba wanda zai gaskata shi ko ya musa. "An fara aikin a jahar Maradi a 1983" magana ce. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a karanta saƙon a duba kalmomin "kuma", "sannan", "haka nan". Idan abin da ya biyo bayansu sabon batu ne da za a iya musawa daban, to saƙo biyu ne aka haɗa. Idan kuwa abin da ya biyo baya dalili ne ko sharaɗi na maganar farko, a bar su tare, domin raba su ɓarna ce.

Matakan aiki

Mataki na farko ana yin sa tun kafin a rubuta komai: a nemi izinin mai jawabi. Wasu masu bincike suna nuna sakamakon da ba su riga suka buga ba, wasu tarurruka kuma suna hana ɗaukar hoton abin da aka haska a allo. Tambaya biyu sun isa: ko ya yarda a yaɗa abin da ya faɗa, kuma ko akwai adadi ko hoto da yake so a bari.

Mataki na biyu shi ne a rubuta, a jimla ɗaya, abin da jawabin ya zo ya tabbatar. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba a riga an fahimci jawabin ba, sai a koma ga rubutun da aka yi a taron ko a tambayi mai shi. Wannan jimla ita ce ma'aunin da za a auna sauran da shi, kuma ita za ta zama saƙo na farko.

Mataki na uku shi ne a jera dukan maganganun da jawabin ya ƙunsa, kowace a layinta, a takarda ko a wurin ajiye rubutu na salula. Kada a bi shafukan da aka haska ɗaya bayan ɗaya, domin shafi ɗaya kan ƙunshi magana huɗu, wani kuma godiya ce kawai ga masu ba da tallafi. Daga cikin jerin sai a soke duk wadda jimlar farko za ta tsaya ba tare da ita ba.

Mataki na huɗu shi ne tsara waɗanda suka rage. Mai jawabi yakan fara da gaisuwa da tarihi, ya ajiye sakamako sai ƙarshe, saboda ya san masu sauraro ba za su tashi ba. Mai karatun X yana wucewa cikin daƙiƙa kaɗan, don haka sakamako ke zuwa farko, sai yadda aka same shi, sai hujja, sai iyakarsa.

Mataki na biyar shi ne rubuta saƙonnin da sa musu lamba kamar 1/9, 2/9, domin wanda ya faɗo tsakiya ya san akwai na gaba da na baya. Bayan an gama duka a waje, sai a kwafa su cikin X, ana taɓa `+` bayan kowane saƙo, a aika su tare da maɓallin da ke ɗauke da `Post all` a salular da aka saita da Ingilishi. Aikawa gaba ɗaya ta fi aikawa ɗaya ɗaya, musamman inda layin sadarwa ke yankewa, domin zaren da ya tsaya a saƙo na huɗu yakan bar adadi a waje ba tare da bayaninsa ba.

Misali: jawabi kan sassaben zamani

A ce wani jami'in gandun daji ya yi jawabin minti 20 kan sassaben zamani, wato dabarar renon itatuwan da ke tofowa da kansu a gona, wadda ta bazu a jahohin Maradi da Damagaram. Ya haska shafuka 18. Wanda ya saurare shi ya fara da rubuta wannan saƙo:

"Sassaben zamani ya fara a Maradi a 1983, ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, ya ƙara cimaka tan 500,000, kuma mata na samun itacen girki kusa, sannan doka ta canza a 2020."

Saƙon bai wuce iyakar haruffa ba, amma magana biyar ke cikinsa, kuma babu wadda ta zo da hujjarta. Mai karatu bai san mene ne sassaben zamani ba, bai san wanda ya auna hektocin ba, bai san abin da dokar ta ce ba. Da aka bi matakan da ke sama, jimlar farko ta zama: manoma sun maido da itatuwa masu yawa ba tare da dashe ba. Jerin maganganun jawabin ya kai 15, aka soke 7, aka tsara 8 da suka rage tare da saƙon rufewa kamar haka:

1/9 Manoman kudancin Nijar sun maido da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakinsu ba tare da sun dasa su ba. Ga yadda aka yi, daga jawabin da aka gabatar yau a taronmu kan gandun daji.

2/9 Kututturen sabara ko kalgo da ake sassabewa kowace shekara bai mutu ba. Saiwarsa na raye cikin ƙasa, tana fitar da tofo duk lokacin da aka bar ta. A kan wannan saiwa sassaben zamani ya dogara.

3/9 Yadda ake sassaben zamani: a kowane kututture a zaɓi tofo 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da ƙarfe mai kaifi, domin ƙarfin saiwar ya tattaru a kan waɗanda aka bari.

4/9 A 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗa sassaben zamani tare da manoman jahar Maradi, bayan ya ga mafi yawan itatuwan da ake dasawa suna mutuwa.

5/9 Wani bincike da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa sassaben zamani ya shafi hekta wajen miliyan 5 a Nijar. An kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, tare da ziyarar gonaki.

6/9 Binciken 2009 ya ƙiyasta ƙarin cimaka tan 500,000 a shekara daga sassaben zamani a Nijar. Lissafi ne: hekta miliyan 5 sau ƙarin kilo 100 da aka ƙaddara a kowace hekta. Ba awon kowace gona aka yi ba.

7/9 Manomi ba ya renon icen da bai tabbata nasa ba ne. A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin cin moriyar itatuwan da ya rena a gonarsa.

8/9 Iyakar sassaben zamani: yana bukatar kututture mai rai ko ƴaƴan itace a cikin ƙasa. Inda aka tumɓuke saiwoyi duka kuma babu abin da ke tsirowa, sai an koma ga shuka ko dashe.

9/9 Cikakken rubutun jawabin da hotunan da aka haska suna wannan adireshi, da izinin mai jawabi.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su a wannan misali. Na farko, kalmomin "sassaben zamani" sun maimaitu a mafi yawan saƙonnin. A rubutun takarda wannan aibi ne, sai a ce "dabarar" ko "shi". A zare wajibi ne, domin saƙon da ya fara da "ya kuma ƙara cimaka" ba ya nufin komai ga wanda ya gan shi shi kaɗai.

Na biyu, saƙo na shida ya ƙunshi jimla uku amma magana ɗaya ce. Adadin tan 500,000 ya fito ne daga aikin Chris Reij, Gray Tappan da Melinda Smale, kuma ƙiyasi ne da aka gina kan matsakaicin ƙarin kilo 100 a hekta. Da an sa adadin a saƙo na shida, aka ajiye bayanin lissafin sai na bakwai, to na shida ne zai yaɗu, mutane su riƙa faɗinsa kamar an auna shi a ma'auni. Duk adadin da mai jawabi ya faɗa da "wajen", "an ƙiyasta" ko "a gonakin da muka gwada", waɗannan kalmomi suna tafiya da shi cikin saƙo guda.

Na uku, an bar maganganu masu kyau a waje. Mai jawabi ya yi bayanin yadda gawo ke zubar da ganye da damina, ta yadda ba ya yi wa hatsi inuwa, ya kuma yi maganar itacen girki da abincin dabbobi. Duka gaskiya ne, amma jimlar farko ta tsaya ba tare da su ba. Maganar gawo ta isa zare nata daban a wata rana.

Hotuna da fassara

Hoton da aka ɗauka na allon taro daga kujerar baya ba ya karantuwa a fuskar salula. Abin da ya fi shi ne a roƙi mai jawabi ainihin shafin, a yanko zane ɗaya ko taswira ɗaya da ta shafi maganar saƙon. Kada a bar magana cikin hoto kawai, domin masu tsimin kuɗin intanet sukan hana hotuna buɗewa. A kowane hoto akwai wurin rubuta bayaninsa, wanda ke bayyana da alamar `ALT`, yana ɗaukar haruffa har 1,000, kuma na'urar da ke karanta wa makafi rubutu shi take karantawa. Guntun bidiyo a shafin da ba ya biyan kuɗi ba ya wuce minti 2 da daƙiƙa 20.

Yawancin jawaban tarurruka a Yamai da Faransanci ake yin su, saboda haka mai zaren Hausa fassara yake yi. A kula da adadi: a Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da guntunsa, don haka 1,5 ɗaya da rabi ne, alhali a rubutun da ya bi tsarin Ingilishi waƙafi dubbai yake rabawa. Inda akwai shakka a rubuta "ɗaya da rabi" da kalmomi. Haka nan kalmar "eka", wasu hekta suke nufi da ita, wasu kuma awon Ingilishi wanda bai kai rabin hekta ba, don haka a rubuta "hekta". Alamomin zance kuwa ba a sa su sai ga kalmomin da mai jawabi ya faɗa daidai. Abin da aka taƙaita ko aka fassara a sake, a ce "a cewarsa". Idan mai zare yana da nasa ra'ayi, ya ware masa saƙo daban ya bayyana cewa nasa ne.

Abubuwan da ke lalacewa da yadda ake gane su

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanka dogon rubutu duk inda haruffa 280 suka cika. Ana gane shi da saƙon da ya ƙare a tsakiyar jimla, na gaba ya fara da "wanda" ko "saboda". Maganinsa shi ne a ɗauki saƙo ɗaya daga tsakiya a nuna wa wanda bai je taron ba, a tambaye shi abin da ya fahimta. In ya tambaya "wa?" ko "ina?", saƙon bai kammalu ba.

Na biyu shi ne tsinkewar zare. Idan ana ƙara saƙo daga baya, wajibi ne a amsa saƙo na ƙarshe. Wanda ya riƙa amsa saƙo na farko kowane lokaci zai samu saƙonni a warwatse, ba jeri ba. Haka kuma goge saƙo na tsakiya yana barin giɓi. Shafin da ba ya biyan kuɗi ba shi da damar gyara saƙon da ya riga ya fita, saboda haka a duba adadi da sunaye kafin aikawa. In an gano kuskure daga baya, ƙarami a gyara shi da amsa a ƙarƙashin saƙon. Idan adadi ne da zai ɓatar da mutane, a goge saƙon, a sake rubuta shi daidai, a bayyana cewa an gyara.

Na uku ya shafi alamomi. Saƙon da ya fara da `@` da sunan wani shafi dandalin yakan ɗauke shi kamar amsa, mutane kaɗan su gan shi, don haka sunan mai jawabi ya zo a tsakiyar jimla. Kalmar da aka sa wa `#` tana yankewa a inda aka sa gurbi ko alamar rubutu, har da alamar da ke cikin kalma irin "ma'aikata". Alamar taron ɗaya a saƙo na farko ta isa.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a duba adadin kallo da ke ƙarƙashin kowane saƙo. Raguwa daga na farko zuwa na biyu abu ne da aka saba gani, domin da yawa na farkon kawai suke gani. Abin lura shi ne faɗuwa mai yawa a tsakiya. A ce na uku ya samu 400, na huɗu 380, na biyar 150: a sake karanta na huɗu, mai yiwuwa ya yi nauyi ko ya kauce daga hanya. Adadin kallo yana nuna sau nawa saƙo ya bayyana a fuskar salula, ba ya nuna an karanta shi. Tambayoyin da ke cikin amsoshi sun fi shi nuna abin da aka fahimta.

Inda zare bai dace ba

Jawabin da hujjarsa doguwar sarƙa ce, kowane mataki ya dogara ga uku da suka gabace shi, ba ya rabuwa cikin saƙonni masu zaman kansu. Haka nan umurnin da kuskure cikinsa zai cutar, kamar awon maganin ƙwari ko na dabbobi, inda adadi, nauyi da gargaɗi dole su zauna wuri ɗaya. A irin waɗannan a rubuta saƙo biyu ko uku da ke faɗin abin da jawabin ya shafa, a sa adireshin cikakken rubutu. Sannan a tuna cewa mafi yawan manoman da jawabi irin na misalinmu ya shafa ba a X suke samun labari ba. Jerin maganganun da aka tace domin zare yana iya zama abin karantawa a rediyon karkara ko saƙon murya a salula, domin can ma magana ɗaya a lokaci ɗaya ake ji.